Dashen Mijinyawa

Duk wanda ya saba bi ta layin teloli a kasuwar Gadarif ya san Mijinyawa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan da sai ya sunkuya kafin ya shigo shagona, kuma duk da haka sau da yawa sai katakon ƙofa ya tuɓe masa hula. Ni ne Sale tela. Ni gajere ne, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Sa'annin juna ne mu, unguwarmu ɗaya, ajinmu ɗaya a makaranta, kuma muna 'yan shekara goma sha uku na fi shi tsawo da taƙi guda. A wancan lokacin ni ne a ƙarshen layi idan an jera mu da safe, shi kuwa yana can gaba cikin ƙanana. Daga nan na tsaya cak, ban ƙara ko ɗan yatsa ba, shi ya wuce ni ya bar ni a ƙasa. Har yau abin yana ɗan yi mini ciwo.

Sunansa ya faɗi rabin labarinsa. Mata huɗu aka haifa kafin shi, shi ne namijin farko a gidan, ya tashi a tsakanin yayyensa kamar ɗan tsako a cikin zabi. Dukansu dogaye ne. Shi kuwa har ya shekara goma sha huɗu, idan aka aike shi shago sai ya yi ɗage kafin mai shago ya gan shi. Mahaifinsa manomi ne, kuma da idon manomi ya kalli lamarin. Ya ce shukar da ta fito a gindin manya ba ta samun rana, sai an cire ta an dasa a fili. Sai ya cire Mijinyawa daga aji biyar, ya ɗora shi a lori zuwa gonakin Gadambaliya, inda maza suke kwana a bukkokin ma'aikata suna noma dawa da yankanta.

Shekara uku ya yi bai zauna a gida ba. Ranar da ya dawo, uwarsa ta ga wani dogon saurayi ya yi sallama a ƙofa, ta ja mayafi ta ce masa mai gidan ba ya nan.

Wannan labarin na ji shi daga bakin Mijinyawa ya fi sau ɗari. A wurin suna yake ba da shi, a wurin ta'aziyya, a gaban mai shayi, kuma kullum da magana ɗaya yake rufewa:

"Allah Ya ji ƙan Baba. Da bai dasa ni ba, da yanzu ina nan kamar Sale."

A yi dariya, ni ma in yi, don ba yadda zan yi.

Tun daga wancan lokacin bai san wata sana'a ba sai gona. Shekara talatin da huɗu ke nan, kowace damina da kaka yana can: noma a Gadambaliya, yankan riɗi a Simsim, wani zubin har Fashaga. Masu gona suna son sa don yana da ido. Ya tsaya a bakin gonar da ba ka ganin ƙarshenta, ya ce maka nan wuta-wuta ta kama, can iri ya gauraya, kuma in ka je ka duba haka za ka tarar. Abin da ya fi so a duniya shi ne gonar dawa da aka shuka rana ɗaya, kawunanta sun daidaita kamar an bi su da almakashi. Idan ya ga ɗaya ta yi ƙasa, ba ya samun sukuni sai ya gano abin da ya same ta. Karatu kuwa ya zube masa a hanya. Yana iya gane sunansa, yana iya harhaɗa baƙaƙen allon lori in an ba shi lokaci, shi ke nan.

Da ya auri Zulaiha, Allah Ya ba su tagwaye, Hassana da Husain, daga su ba su ƙara ba. Kowa ya san yadda ake yi da tagwaye a wurinmu: ba a bambanta su. Abin da aka saya wa wannan sai an saya wa wancan, kwano ɗaya, takalmi iri ɗaya, kuma kowace ƙaramar Sallah daga turmi ɗaya nake yanka musu kaya. Mijinyawa ya riƙe wannan al'ada da ƙarfi har ta wuce ƙima. Ko dabino zai ba su sai ya zaɓi guda biyu masu girma ɗaya. Su ma yaran kamar sun san abin da yake so, suka taso kai ɗaya har shekara goma.

Sai Hassana ta miƙe. A cikin shekara biyu da 'yan kai ta wuce kafaɗar uwarta, ta kamo ta. Husain kuwa yana nan ɗan firit, muryarsa siririya, yana tafiya a gefenta kamar ƙaninta na uku. Bare in ya gan su sai ya ce wa Hassana, "Riƙe hannun ƙaninki ku tsallaka titi." A aji shida suke, shekararsu goma sha uku da wata biyu, kuma duk ajin ba wanda yake kama ƙafar Husain a lissafi.

Ba wanda abin ya dama kamar Mijinyawa. Ya zo shagona ya zauna a kan benci ya yi tagumi.

"Ya zol, mutumina, ka duba mini. Rana ɗaya aka haife su, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Tukunya ɗaya suke ci. Ruwa ɗaya. To me ya sa?"

Ban sani ba, na kuma gaya masa ban sani ba. Ya sayo wa yaron madarar akuya, ya dafa masa hulba, ya kai shi wurin malami aka yi rubutu aka sha. Amma da yake ba a bambanta tagwaye, duk abin da aka bai wa Husain sai an bai wa Hassana daidai da shi, ita kuma ta ci gaba da miƙewa. Sai ya ƙara rikicewa, ya rasa ko maganin ne yake aiki a inda ba a nufa ba.

A farkon kaka ya yanke shawara. Ya ce Hassana ce take yi wa yaron inuwa, kamar yadda yayyensa suka yi masa. Ya ce tsiro biyu a rami ɗaya dole ɗaya ya danne ɗaya. Ranar Asabar lorin masu yankan riɗi zai tashi zuwa Simsim, kuma da Husain zai tafi, ya bar makarantar, ya zauna can a hannun wani amininsa har sai ya yi tsawo. Zulaiha ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ce ya bari ko jarrabawar fita firamare yaron ya yi. Ya ce shi ba mugunta yake yi ba, abin da aka yi masa ne ya ga amfaninsa. Kuma gaskiya ne, ba mugunta ba ce. Ni na san yadda yake son yaron nan.

Ranar Talata ta wannan makon ne malamar ajinsu, Ustaza Hiba, ta bai wa kowane yaro wasiƙa ya kai gida.

Ba don Husain ta rubuta ta ba, ba ta ma san da maganar Simsim ba. Iyaye ne suka dame ta. Wasu sun zo sun ce dogayen ajin an rage musu shekaru ne, a fitar da su don suna cin zalin ƙanana. Wasu sun ce gajerun ba su isa aji shida ba, a mayar da su baya. Ita kuma ta gaji da yi wa kowa bayani a bakin ƙofa, ta zauna ta rubuta shafi guda da Larabci, harshen makaranta a ƙasar nan, aka buga aka raba.

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Da yawa a cikinmu mun fi jin Larabci a baki da a takarda, kowa ya bai wa wanda ya samu ya karanta masa layi biyu, ya ƙarasa sauran da kansa. Asiya mai ƙosai ta ce allurar tsawo za a yi wa yara, ita kam ba a taɓa mata ɗa. Wani ya ce za a raba abinci ne ga gajeru, har aka ga wata uwa tana koya wa ɗanta yadda zai ɗan lanƙwashe gwiwa in an zo awo. Wani kuma ya rantse cewa duk wanda bai kai wani ma'auni ba ba zai zauna jarrabawa ba. Ni kaina mutum uku suka kawo mini labari iri uku kafin in ga takardar da idona.

Mijinyawa ne ya kawo ta, a ninke huɗu. Ya ajiye a kan keken ɗinkina.

"Karanta mini, ka juya mini da Hausa. Kar ka rage, kar ka ƙara."

Na sa tabarau na fara. Bayan gaisuwa, Ustaza ta ce:

"Na auna yaran ajina su arba'in da biyu. Tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta akwai fiye da santimita talatin, alhali yawancinsu shekarunsu sha biyu ne ko sha uku. Ba wanda ya yi ƙaryar shekaru. Wannan ne lokacin da yara suka fi bambanta, kuma dalilan ba su da yawa. Na farko gado ne. 'Ya'yan dogaye sukan yi tsawo, 'ya'yan gajeru sukan yi gajarta, ko da yake ba dole ba ne kowane ɗa ya biyo."

"Ka ji ko!" in ji Mijinyawa. "Ni dogo ne. Ke nan yaron nan dogo ne, wani abu ne ya tare shi."

"Ka bari in gama mana."

"Na biyu, kuma shi ya fi yawa a wannan ajin, shi ne lokacin balaga. Kowane yaro yana da 'yan shekarun da yake miƙewa da sauri, ya ƙara santimita takwas ko goma a shekara. Amma ba rana ɗaya wannan yake zuwa wa kowa ba. Mata sukan riga maza da kamar shekara biyu. Yarinya takan miƙe tana sha ɗaya ko sha biyu, namiji kuwa sai sha uku ko sha huɗu, wani ma sai sha biyar. Wanda ya fara da wuri yakan tsaya da wuri. Wanda ya yi jinkiri yakan ci gaba bayan sa'anninsa sun tsaya. Jinkirin nan ma yakan bi gida: in uba ya makara, sau da yawa ɗa ma yakan makara."

A nan na ji kamar da ni take. Wanda ya fara da wuri yakan tsaya da wuri. Shekara talatin da biyar ina zargin zaman keke da tanƙware ni, ashe tun kafin in taɓa keke an gama da ni.

Mijinyawa bai lura da ni ba. Ya ce, "Wannan na wasu yara ne, ba tagwaye ba. Dawa mai saurin nuna daban, mai jinkiri daban, na sani. Amma waɗannan iri ɗaya ne, rami ɗaya. Ci gaba."

"Na uku abinci da lafiya. Yaron da ya daɗe ba ya samun isasshen abinci mai gina jiki, irin su wake, gyaɗa, madara, ƙwai da nama, ko yake fama da tsutsar ciki, ko zazzaɓi yake yawan kayar da shi, girmansa yakan ja baya."

"Tukunya ɗaya!" ya buga benci. "Tana riga shi cinyewa ke nan. Ka gani? Ustaza ma ta yarda da ni."

Na ce ni ban ga inda ta yarda da shi ba. Ya ce ai a fili take. Muka yi ta ja, har na fara shakkar ko ni ne ban iya juyawa ba, na koma na sake karanta layin a zuciyata. Sannan na ƙarasa masa:

"Kada ku auna ɗanku da ɗan maƙwabci, ku auna shi da kansa. Ku tsayar da shi jikin bango ba takalmi, ku yi alama, bayan wata shida ku sake. Yaron da bai fara balaga ba, in yana ƙara santimita biyar ko kusa da haka a shekara, yana kan hanyarsa. Amma in ƙarin bai kai huɗu ba, ko yana ramewa, ko namiji ya cika sha huɗu ba wata alamar balaga, ko mace ta cika sha uku haka, ku kai shi asibiti a duba. Kuma ina roƙonku, kada a cire yaro daga ajinsa saboda tsawonsa."

Layin ƙarshen ne bai yi masa daɗi ba. Ya karɓi takardarsa ya ce gobe-jibi zai je ya ji daga bakinta, kuma ni zan raka shi.

Ranar Alhamis muka same ta a inuwar dalbejiyar makaranta, lokacin karin kumallo. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi talatin ba, ga alli a hannun rigarta. Ta ba mu kujeru, ta saurari Mijinyawa tun daga yayyensa huɗu har uwarsa da ta ja mayafi. Bai rage komai ba, har da ni a ciki.

"Ammi Mijinyawa," in ji ta, wato baffa da Larabci, "tagwaye mace da namiji ba iri ɗaya ba ne. Ƙwai biyu ne daban, kamar wa da ƙanwa da suka zo rana ɗaya. Hassana ta shiga lokacinta, Husain bai shiga nasa ba. Ba ta ɗauke masa komai ba."

"To ni fa? Me ya miƙar da ni in ba dashe ba?"

"Shekararka nawa da aka kai ka?"

"Sha huɗu."

"Mai yiwuwa lokacinka ne ya zo kana can. Da kana gida ma da ya zo."

Ya yi dariya, irin dariyar da babba yake yi wa yaro. "Ya Ustaza, ke kin karanta ne. Ni a jikina aka yi."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin Husain zai kai shi tsawo ba, wannan ba wanda ya sani sai Allah. Ta ce aikin gona mai nauyi da abincin bukka ba su ƙara wa yaro tsawo, in ma ba su rage ba. Sannan ta tambaya ko akwai wani awon Husain na bara, don da shi za a san ko yana tafiya ko ya tsaya. Mijinyawa ya ce shi ba ya auna 'ya'yansa, ba buhuna ba ne.

Muna hanyar dawowa ne abin ya faɗo mini. Ni ina da wata ɗabi'a: yara ba sa tsayawa wuri ɗaya in ana gwada su, don haka nakan jingina su da katakon ƙofar shagona, in ɗora musu littafi a ka, in ja layi da fensir, sannan in auna a nitse. Na 'ya'yan mutane nakan goge. Na tagwayen nan ban taɓa gogewa ba, tun suna 'yan shekara huɗu, kowace ƙaramar Sallah layi biyu da baƙin sunan kowa a gefe. Shi ne katakon da yake tuɓe wa ubansu hula, bai taɓa duban ƙasansa ba.

Muka tsuguna da tef. Layukan suna tafiya tare, biyu-biyu, har zuwa shekara goma. Daga nan na Hassana suka fara tsalle, santimita bakwai, takwas, har zuwa bara da na daina auna ta da kaina, uwarta take aiko mini da awonta. Na Husain kuwa ba su tsaya ba ko sau ɗaya. Shida, biyar da rabi, biyar. Daga Sallar bara zuwa ta bana, biyar cif.

"Ka gani," na ce. "Abin da takarda ta ce ke nan. Yana tafiya."

Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya auna tazarar, ya sake aunawa. Na ɗauka an gama. Sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"A inuwa ma yana yin biyar. To ka ga in an fitar da shi fili."

Wallahi na ji kamar in jefe shi da almakashi.

Zulaiha ce ta yi dabarar da ta rage. Ranar Juma'a da hantsi ta aika aka kira Hajo, babbar yayar Mijinyawa, wadda ta goye shi yana jariri. Tsohuwa ce yanzu, tana sayar da soyayyar gyaɗa a ƙofar gidanta, kuma ita kaɗai ce a duniya take kiran sa ya zo da gudu. Ni ma aka kira ni da takardar, na sake karantawa a tsakar gida, ƙunshin kayan Husain yana jingine a bakin ɗaki an riga an ɗaure.

Hajo ta saurara har ƙarshe tana ɓare gyaɗa. Da na zo wurin da aka ce jinkiri yakan bi gida, ta ɗaga hannu.

"Sake wannan."

Na sake.

"Sah, gaskiya ne," in ji ta. "Baba ma haka ya yi. Kaka ta sha gaya mana, har ya shekara sha biyar ana aza shi a kan jaki don ba ya iya hawa. Kuma shi ba inda aka kai shi, a ɗakin uwarsa ya yi tsawonsa."

"Yaya, ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Kullum kai ne da labari, wa ya isa ya sa baki?"

"To in haka ne me ya sa ya dasa ni?"

"Ya manta nasa ne, ko ya tsorata, oho. Namiji ɗaya gare shi, mutane suna ta magana." Ta zuba ɓawon gyaɗa a faranti, ta dube shi. "Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Rigar da ka tafi da ita, mai ruwan ƙasa, ni na warware mata kalmasa sau biyu a cikin watannin nan kafin tafiyarka. Idon sawunka ya fara fitowa. Muryarka ma ta fara fashewa, muna yi maka dariya a madafa. Ka riga ka fara, Mijinyawa. Na faɗa wa Inna, ta ce in yi shiru, Baba ya riga ya yi magana da mai lori."

Hassana da Husain suna zaune a tabarma ɗaya a gindin bango, kafaɗarsa ba ta kai tata ba.

"Malamin ajinku, Ustaz Abdelrahman, sau biyu yana zuwa gidanmu bayan ka tafi," in ji Hajo. "Ya ce a dawo da kai, bai taɓa koyar da mai kai irin naka ba. Na biyun har da littattafanka ya zo. Ni na karɓa a ƙofa."

Wannan ni ma na sani. A ajinmu shi ne na ɗaya, ni nake kwafar lissafi a wurinsa. Ban taɓa tuna masa ba, don ban ga amfanin tunawar ba.

Mijinyawa ya miƙa hannu ya karɓi takardar daga wurina. Ya buɗe ta, ya kai ta kusa da fuska, leɓɓansa suna motsi. Na ga ya kama kalmar farko, ya kama ta biyu, ya maƙale a ta uku. Ya daɗe a wurin. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai, don ban taɓa ganin dogon mutum ya ƙanƙance haka ba.

Ranar Asabar da sassafe na je tashar lori, don ban san abin da ya kwana a ransa ba, ita ma Zulaiha ba ta sani ba. Ma'aikata suna ta hawa da laujensu da jarkokin ruwa. Na hango shi tun daga nesa, ya fi kowa tsawo, ga Husain a gefensa ɗauke da ƙunshi. Na ce a raina shi ke nan, da yaron zai tafi.

Da suka iso bakin lori, ya karɓi ƙunshin daga kan yaron ya jefa sama. Nasa ne. Ya sunkuya sosai har fuskarsu ta daidaita.

"Ka koma gida. In ka je makaranta ka gaida Ustaza, ka ce mata in na dawo za mu sake yin layi a katakon Sale. In bai kai ba mu je asibiti."

"To, Baba."

"Kuma kowa ya ci a kwanonsa daga yau."

Wannan kam ba ya cikin wasiƙa, amma na ƙyale shi. Yaron ya juya da gudu, ko sallama bai yi mini ba.

Mijinyawa ya sa ƙafa ɗaya a tayar lori, sai ya tsaya. Na ga gefen takardar ya leƙo daga aljihun gabansa. Zai tafi da ita Simsim, inda ba lallai ya sami mai karanta masa ba.

"Sale, Ustaz Abdelrahman yana da rai?"

"Ya rasu, an fi shekara goma."

Ya gyaɗa kai. Direba ya danna ham, na sama suna ce masa ya hau.

"Shekara talatin da huɗu ina yi wa Baba godiya a gaban mutane," in ji shi. "Yanzu in an zauna, me zan ce?"

Ya hau, lori ya tashi.

Da ya dawo bayan yankan riɗi da na dawa muka haɗu a wani suna a unguwa. Aka ci aka sha, hira ta yi daɗi, sai wani ya ce, "Mijinyawa, ba mu labarin ranar da Inna ta ja maka mayafi mana." Kowa ya gyara zama, wasu har sun fara kallona suna murmushi, suna jiran wurin da za a ambace ni.

Ya dubi kofin shayinsa. Ya ce, "A aji biyar nake lokacin. Ni nake zuwa na ɗaya."

Aka jira sauran labarin. Bai ƙara komai ba.